Ɗan Allah a duba min jawabin gabatar da shugaban ƙungiyarmu, walimar cika shekara 20

Sakataren Layi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara kuma da gaske nake, don abin ya hana ni barci. Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Kantin Kwari, wato mu masu atamfa da shadda da leshi na gidan da muke da layin da ke bayansa, za ta cika shekara 20 da kafuwa, an shirya walimar cin abincin rana ranar Lahadi ta sama bayan azahar, kuma kwamiti ya ce ni zan gabatar da shugaba kafin ya yi nasa jawabin. Ni aikina rubuta bayanan taro ne da bin mutane kuɗin wata, ban taɓa riƙe makirfo a gaban manya ba. Ga abin da na fara rubutawa:

"Jama'a ga giwa mai tafiya da kayan girma, ga bango madafar bayi, ga inuwar da kowa ke fakewa, uban marayu gatan marasa gata, wanda tun da aka kafa kasuwa ba a taɓa yin shugaba irinsa ba, haziƙi, jarumi, mai gaskiya da riƙon amana..."

Haka ya tafi har shafi uku, da tarihin haihuwarsa da makarantar allo da zuwansa Hajji sau nawa. Da na karanta wa abokina sai ya yi shiru ya ce to ni ɗan ƙungiya me ya shafe ni a ciki. Tun nan jikina ya yi sanyi. Me zan gyara?

Abban Yara: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga laifinsa ba, yabon gwani ya zama dole ai. Bahaushe in ba ka kambama shugabansa ba a taro sai a ce kana da wata a ƙasa. Ka bar shi haka kawai ka ƙara murya.

Tsohon Mai Gabatarwa: Wa alaikumus salam sakatare. Na yi shekaru ina gabatar da taron ƙungiyoyi da na ɗaurin aure, bari in gaya maka gaskiya, abokinka ya yi maka gata. Abin da ka rubuta kirari ne, kuma kirari yana da masu shi, in akwai maroƙi ko sanƙira a wurin zai yi shi fiye da kai sau goma kuma za a yi masa liƙi. Kai sakatare ne, littafin ƙungiya a hannunka yake, abin da mutane za su saurara daga bakinka shi ne abin da maroƙi bai sani ba. Ka duba jimlolinka ɗaya bayan ɗaya, duk wadda za a iya cire ta a karanta wa shugaban 'yan hatsi na Dawanau ko shugaban 'yan kayan masarufi na Singa ta zauna daram, to ba ta shugabanku ba ce, ka goge ta. "Bango madafar bayi" kowa ana faɗa masa. Amma "ranar da ruwa ya shiga shaguna shi ne ya fara zuwa" mutum ɗaya kaɗai ake faɗa wa.

Ka ba mu labari tukuna, shekara nawa ya yi a kan kujerar, kuma me ya yi wanda ɗan ƙungiya ya ji a aljihunsa?

Sakataren Layi: Nagode Baba. Shekararsa huɗu da 'yan watanni. Abubuwan suna da yawa wallahi, amma babba shi ne lokacin ambaliyar nan ta watan Agustan 2022 da ruwa ya shiga Kwari. Mu membobinmu 146 ne, masu shagon ƙasa 38 ruwa ya taɓa su, wasu sito gaba ɗaya, atamfa ta jiƙe ta yi zane, shadda kuwa kun san in ruwan kwata ya taɓa ta sheƙin ya tafi kenan, sai dai a karyar. Matsalar kuma mafi yawan kayan ba nasu ba ne, bashi ne aka ɗauko wurin manyan diloli za a biya a mako biyu ko wata. To shi Alhaji shugaba shi ne ya tara dilolin nan guda biyar da suka fi bin mutanenmu kuɗi a ofis, aka zauna har dare biyu, aka yarda a ɗaga biyan wata uku kuma kada a tsayar wa kowa da kaya, ya sa hannu a matsayin mai tsaya musu. Sai kwamitin sulhu da ya kafa na rikicin bashi da na kamasho, sai maganar masu gadi, sai sola da aka haɗa wa layin, sai lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 da ya kira taro a kan alat na ƙarya, sai ta'aziyya da dubiya da yake zuwa, sai...

Tsohon Mai Gabatarwa: Tsaya nan, ya isa. Ka ga yadda ka rubuto maganar ambaliyar nan yanzu ba tare da ka shirya ba? To jawabinka kenan, ka riga ka yi shi ba ka sani ba. Abu uku za ka ɗauka, in ma biyu ne ya wadatar, sauran ka bar wa shugaba da bakinsa. Kuma kowane ɗaya ka yi masa ƙafa uku kamar murhu: yaya muke kafin nan, me ya yi, me ya rage a hannun ɗan ƙungiya bayan nan. Ƙafa ta ukun ita ce mutane ke mantawa, kuma ita ce amsar abokinka. Misali kada ka tsaya a "ya zauna da diloli", wannan labarin shugaba ne. Ka ce "shago 38 ruwa ya shiga, kuma ba ɗaya da aka rufe saboda bashin wancan watan", wannan kuma labarin mutanen da ke zaune a gabanka ne, wasunsu za su sunkuyar da kai don sun san da su ake.

Amma fa sai in gaskiya ne. Da gaske ba wanda ya rufe?

Sakataren Layi: Mutum biyu sun bar layin daga baya Baba, ɗaya ya koma gida ƙauye ɗaya kuma ya koma wani gidan a Kwarin. Amma ba a cikin wata ukun ba ne.

Tsohon Mai Gabatarwa: To ka ga inda ake zamewa. In ka ce ba wanda ya rufe, akwai maƙwabcin wancan da ya koma ƙauye yana zaune a tebur na uku, zai juya ya raɗa wa na kusa da shi "ƙarya ne, ina wane?", shi kenan duk abin da ka faɗa bayan nan ya zama abin tuhuma har da na gaskiyar. Ka ce "cikin 38 ɗin nan, 36 har yau suna buɗe shago a layinmu". Ya fi ƙarfi ma, domin mai ji ya san wanda ya ƙirga ne ke magana.

Hajiya Mai Leshi: Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙorafina ɗaya ne a irin tarukan nan, mu mata masu sari da muke zuwa daga unguwanni da garuruwa muna ɗaukar kaya muna kai wa gidaje, ba a taɓa tunawa da mu sai lokacin karo-karo. Sakatare in akwai mata a ƙungiyarku ɗan Allah ka ambace su ko da jimla ɗaya ce, kuma ba "iyayenmu mata da suka dafa abinci" ba, a'a a matsayin 'yan kasuwa. Ni lokacin ƙarancin takardun kuɗin nan na 2023 kwastomomina matan aure ne da yawansu ba su da asusun banki, kuɗi a gida suke ajiyewa, tsoffin kuɗin kuma a kasuwa ana ƙin karɓa tun kafin wa'adin 10 ga Fabrairu ya cika, na sha wahala ba kaɗan ba, kaya a hannu bashi a wuya. In shugabanku ya yi wani abu a kan irin wannan a faɗa.

Sakataren Layi: Hajiya muna da mata 11 masu katin ƙungiya, kuma gaskiya ban sa su a rubutun ba, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da aka yi lokacin shi ne an yarda duk ɗan ƙungiya ya ci gaba da karɓar tsoffin kuɗi daga abokin cinikin da ya sani muddin banki na karɓa, ma'aji na tarawa a kai gaba ɗaya maimakon kowa ya rufe shago ya je ya bi layi.

Hajiya Mai Leshi: To ai wannan babban abu ne ɗana, me ya sa ka binne shi a ƙarƙashin giwa da bango? Wannan shi za ka faɗa.

Dan Gidan Abinci: Salam. In walimar mutum ɗari da hamsin ce ku lissafa da 'yan rakiya ku yi abincin mutum ɗari biyu da hamsin, don ba a taɓa zuwa daidai da kati. Kuma ku yi fakiti ya fi a zuba a faranti. Ina yin irin wannan aikin in kuna buƙata.

Abban Yara: Malam ba maganar abinci ake ba, jawabi ake tambaya.

Tsohon Mai Gabatarwa: Ku bar shi, ya taɓo wani abu da ya shafi sakatare kai tsaye ko da bai nufa ba. Lokacin da za a raba abincin shi ne zai kashe jawabin ko ya raya shi. Na taɓa gabatar da wani shugaba a daidai lokacin da yara suka shigo da kuloli, wallahi kaina kaɗai nake ji, idon kowa ya koma ƙofa, ƙarar cokali da ledar ruwa ta cika ɗakin, shi kansa shugaban da ya tashi sai ya taƙaita ya zauna ransa a ɓace. Sakatare ka je wurin shugaban kwamitin walima tun yanzu ku yi magana: a raba ruwa da lemo da an zauna, a yi addu'ar buɗewa, a yi maraba, kai ka tashi, shugaba ya yi nasa, sannan a buɗe abinci. Kuma tunda mutane da yunwa za su zauna, minti uku gare ka, huɗu in ya yi yawa. Shafi ukun nan naka zai kai minti goma. Ka ɗauki waya ka kunna agogo ka karanta da ƙarfi a tsaye, ba a zuci ba, domin a zuci kullum gajere ne.

Malam Na Islamiyya: Assalamu alaikum. Ina so in ƙara ta fuskar addini don hankalin sakatare ya kwanta. Godiya ga wanda ya yi alheri abin nema ne, hadisi ya zo cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Amma kuma an yi hani mai tsanani a kan wuce gona da iri wurin yabon mutum a gaban idonsa, har Annabi (SAW) ya ce wa wani da ya yi haka abin da ya yi tamkar yanke wuyan ɗan'uwansa ne, sannan ya koyar cewa in dole ne sai an yaba to a ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi. Saboda haka jimlar nan ta "ba a taɓa yin shugaba irinsa ba" ka cire ta, ba ka da ilimin hakan, kuma shugabannin da suka gabata ko 'ya'yansu suna wurin, za ka sosa musu rai a banza. Faɗin aikin da aka gani da ido shaida ce, ba ta cikin abin da aka hana. In kana son aya guda da ta dace da maganar dilolin, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi magana a kan jinkirta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ka karanta ta daidai ko ka faɗi ma'anarta kawai, kuma ka haɗa dilolin a godiyar domin su ne suka yi haƙurin da dukiyarsu.

Tsohon Mai Gabatarwa: Malam ya kawo abin da na manta. Dilolin nan in an gayyace su, gode musu a bainar jama'a riba ce ga ƙungiya, gobe in wata ta taso za su tuna an mutunta su. Kuma hakan bai rage wa shugaba komai ba.

Dan Tebur: Ni fa zan faɗi tawa ko za a ji haushi. Ba ƙungiyarku nake ba amma duk kanwar ja ce. Ranar walima a sha shinkafa a tafa, a ce shugaba ya yi kaza ya yi kaza, mu 'yan tebur da ke bakin layi muna biyan kuɗin gadi da na shara daidai da masu shago amma in an zo tashin mutane mu ake fara kwashewa ba mai tsaya mana. A wurinmu an karɓi kuɗin gyaran banɗaki da rijiyar burtsatse yau shekara biyu ko bulo ɗaya ban gani ba. In sakatare mai gaskiya ne ya faɗi abin da ba a yi ba shi ma, in ba haka ba to talla ce kawai.

Sakataren Layi: Ɗan'uwa maganarka ta taɓa ni domin mu ma muna da irinta. An yi karo-karon gyaran magudanar bayan layi bayan ambaliyar, an yi rabi aikin ya tsaya, kuɗin siminti da rodi ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da aka tara bai isa ba. Ragowar kuɗin na nan a asusu, ni shaida ne, amma mutane na gunaguni. In faɗa ko in yi shiru?

Abban Yara: Kai rufa wa kanka asiri! A gaban baƙi da wakilin hakimi za ka tono wannan? Ranar murna ce ba ranar bincike ba.

Lauyan Unguwa: Ni ina ganin Abban Yara yana da rabin gaskiya. Gabatarwa ba rahoton mai binciken kuɗi ba ce, wannan yana da ranarsa a babban taron shekara, kuma in ƙungiyarku tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa to tsarin mulkinku zai faɗi lokacin da ake kawo lissafi. Ba aikin mai gabatarwa ba ne ya tsayar da shugaba a gaban baƙi ya ce ina kuɗin kwata. Amma yin kamar babu maganar shi ma kuskure ne tunda duk wanda ke ɗakin ya san da ita.

Tsohon Mai Gabatarwa: Akwai hanya ta tsakiya kuma na sha ganin ta yi aiki. Ka je wurin shugaba kafin ranar, kai da shi, ka ce ranka ya daɗe mutane na jiran jin maganar magudana, za ka taɓo ta a jawabinka? In ya ce eh, sai kai ka buɗe masa ƙofa da jimla ɗaya a ƙarshe, kamar "akwai aikin da muka fara bai kammala ba, damina kuma ba ta jira, na san kunnuwanku na jiran ji daga bakinsa". Ka ga ba ka zarge shi ba, ba ka kare shi ba, kuma masu gunaguni sun ji ba a raina musu hankali ba, sannan ka ba mutane dalilin da za su saurari jawabinsa maimakon su duba waya. In kuma ya ce a'a ba zai taɓa ba, to kada ka yi masa kwanton ɓauna, ka bar ta, ka kai ta taron kwamiti. Abu mafi muni da mai gabatarwa zai yi shi ne ya ba wanda yake gabatarwa mamaki a gaban jama'a.

Kuma wannan zaman da shi yana da wani amfanin, za ka ji abin da shi zai faɗa don kada ka cinye masa jawabi. In yana da albishir, misali an samu wanda zai ƙarasa aikin, nasa ne, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Dan Tebur: Jimla ɗaya dai? Hmm. Ni ban gamsu ba amma ta fi babu. Kuma 'yan tebur ɗin ku fa, suna cikin 146 ɗin ko su ba mutane ba ne?

Sakataren Layi: Ba sa ciki, masu shago ne kaɗai ke da kati, su suna biyan kuɗin gadi ne kawai. An daɗe ana jayayya a kan a ba su kati ko kada a ba su, ba a gama ba.

Dan Tebur: To ka gani.

Dan Maradi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Kano, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Mu nan da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da muke ɗaukowa daga Kwari ta Jibiya suka tsaya cak wata da watanni sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, to a taronmu wanda ya gabatar da shugabanmu sai ya kama zagin gwamnatoci da 'yan siyasa, ɗaki ya rabu biyu, aka manta da shugaban ma gaba ɗaya. Shawarata ka ambaci wahalar da aka sha da sunanta, ambaliya ko canjin kuɗi ko tsadar dala, amma kada ka ce laifin wane ne. A cikin 'yan kasuwa kowace jam'iyya akwai.

Lauyan Unguwa: Wannan haka yake. Kuma sakatare yaushe ne zaɓenku na gaba?

Sakataren Layi: Saura wata biyar. Kuma ana raɗe-raɗin mataimakinsa zai tsaya.

Lauyan Unguwa: To ka yi hattara sosai. Kalma irin "Allah ya maimaita mana" ko "ba mu da kamarsa" ko "mu ci gaba da ba shi goyon baya" a bakin sakatare wata biyar kafin zaɓe kamfe ne, ko ba ka nufa ba haka za a fassara, kuma kai ne za ka riƙe rajistar masu zaɓe, gobe a ce ka karkata. Ka tsaya a abin da ya riga ya faru. Sannan ka riƙa cewa "shi da 'yan kwamitinsa" inda aikin na tare ne, mataimakin ma ai yana cikin zaman dilolin ko?

Sakataren Layi: Yana ciki, shi ne ma ya rubuta yarjejeniyar da hannunsa.

Hajiya Mai Leshi: Wani abu kuma ɗana, kada ka kuskura ka kira sunan wanda aka ɗaga wa bashi ko wanda aka yi wa sulhu, ko da kana ganin yabo ne. Ɗan kasuwa jarinsa rufin asiri ne, in ka ce "kamar Alhaji wane da ya kusa karyewa" ka gama da shi, gobe ba mai ba shi kaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Adadi kawai.

Sakataren Layi: Wallahi da na sa sunan mutum biyu da niyyar su zama shaida, na cire yanzu. Ga sabon da na rubuta, ku duba:

"Bismillahir Rahmanir Rahim. Wakilin mai girma hakimi, malamanmu, iyayen ƙungiya da suka kafa ta shekara 20 da suka wuce, shugabannin da suka gabata, manyan baƙi, 'yan'uwana 'yan kasuwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ba zan gaya muku ko wane ne shugabanmu ba, kullum kuna gaisawa da shi a bakin layi. Zan tuna mana abu uku ne da ke rubuce a littafin da nake riƙewa.

A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga shago 38 a cikinmu, kayan kuma akasari na bashi ne. Shi da 'yan kwamitinsa suka zauna da dilolinmu dare biyu, ya sa hannu ya tsaya wa mutanensa, su kuma Allah ya saka musu da alheri suka ɗaga biya wata uku ba su tsayar da kaya ba. A cikin 38 ɗin nan, 36 gobe da safe za su buɗe shago a layinmu.

Da, in bashi ko kamasho ya haɗa mutum biyu sai ofishin 'yan sanda ko kotu, a rufe shago a yini a can, a dawo ba a gaisawa. Kwamitin sulhu da ya kafa ya saurari ƙara 61, uku kaɗai suka wuce gaba. Duk sauran a ofis aka kashe su tsakanin la'asar da magariba, ba wanda ya yi asarar cinikin yini.

A farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya, aka yarda mu ci gaba da karɓar tsoffi daga abokan cinikinmu, ma'aji ya tara ya kai banki. 'Yan'uwanmu mata masu kai kaya gidaje sun fi kowa sanin abin da wannan ya tsare musu.

Akwai aikin da muka fara bai kammala ba, damina kuma ba ta jira, na san kuna son ji daga bakinsa. Muna kyautata masa zato, Allah ne masanin zukata. Jama'a, shugaban ƙungiyarmu, Alhaji... Bismillah ranka ya daɗe."

Tsohon Mai Gabatarwa: Masha Allah, sama da ƙasa. Ka yi daidai da ka ajiye sunansa sai ƙarshe, da ka faɗi sunan ka ja da baya ka miƙa makirfo da hannu biyu, kada ka ƙara ko kalma, tafin nasa ne. Gyara biyu. Na ɗaya jerin gaisuwar farko ka tabbatar da shi da wanda ya san waɗanda za su zo, in dagaci ko mai unguwa ko shugabannin kasuwar gaba ɗaya sun halarta ka tsallake su to abin da za a tafi da shi gida kenan ba jawabinka ba, kuma ka riƙe biro don wani babban zai shigo a makare. Na biyu 61 ɗin nan daga ina ka samo?

Sakataren Layi: Daga kaina na ƙiyasta Baba, na san dai sun haura hamsin.

Tsohon Mai Gabatarwa: A'a. Ka buɗe littafin kwamitin sulhu ka ƙirga da yatsa. In ba a rubuta duka ba ka ce "sama da hamsin" in ka tabbata da hakan. Shugaban kwamitin yana wurin kuma ya san adadinsa.

Abban Yara: Ni har yanzu ina ganin ya yi bushewa da yawa, kamar rahoto. Ko kirari layi ɗaya babu? Dattijon nan zai ji kamar ba a girmama shi ba wallahi, mutanenmu sun saba da a ɗan zuga su.

Hajiya Mai Leshi: A nan kam ina bayan Abban Yara kaɗan. Layi ɗaya kafin sunan ba zai ɓata komai ba, bayan an riga an kawo hujja kirarin ma sai ya fi zama.

Malam Na Islamiyya: In za a sa to a zaɓi wanda ba ƙarya a cikinsa. Addu'a ta fi min, Allah ya ƙara masa lafiya ya sa a mizani.

Dan Tebur: Kuma inda ka ce "'yan'uwana 'yan kasuwa maza da mata" ka ƙara da 'yan tebur da 'yan dako, su ne suka kwashe kayan daga cikin ruwan ai, ba masu manyan riguna ba.

Sakataren Layi: Wannan gaskiya ce, da idona na ga yaran nan ruwa har gwiwa suna ɗauke da dilolin kaya a ka suna hawa bene da su, zan sa su a sakin layin ambaliyar. Maganar kirari zan tambayi ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya in ji ra'ayinsa. Yanzu na kira shugaban kwamitin sulhu ya ce littafin na gidansa zai zo da shi gobe, shi kuma Alhaji shugaba mun yi da shi zan same shi a ofis bayan la'asar kan maganar magudanar. Baba in ya ce ba zai taɓa ta ba, da me zan rufe a madadin wannan jimlar?

Tsohon Mai Gabatarwa: Je ka ji bakinsa tukuna, ka dawo mana da abin da ya ce.